KAFIN KA MIƘA WA 'YARKA WAYA: YADDA AKE BUƊE WA YARO SHAFIN TIKTOK A ƘARƘASHIN KULAWAR IYAYE

Wani yayana, ɗan kasuwa ne mazaunin Agege a Ikko, ya saya wa 'yarsa mai shekara 14 wayar hannu saboda ta yi ƙoƙari a jarrabawa. Yarinyar ba ta roƙi kome ba bayan wannan sai a bar ta ta shiga TikTok kamar yadda ƙawayenta suke yi. Shi kuwa mutum ne wanda bai san kome a waya ba in ban da kira da WhatsApp, saboda haka ya ce mata ta dakata sai ranar da na zo. Da na isa gidan ranar wata Asabar, muka zauna mu uku a kan tabarma, na karɓi wayar, sai na tarar ashe aikin gama ya riga ya gama. Yaron da ya sa mata manhajoji a shagon sayar da waya ya buɗe mata shafi tun ranar da aka saye ta, kuma da aka tambaye shi shekarar haihuwa, sai ya zaɓi wadda yatsansa ya fara faɗawa a kai, watau 1999.

Wannan ɗan kuskure da ba wanda ya lura da shi, shi ne ya sa na ga ya kamata in rubuta wa iyaye abin da muka yi a ranar, da kuma abin da ya biyo baya, domin na tabbata gidaje da yawa suna cikin irin wannan hali ba su sani ba.

Abin da mai karatu zai fara riƙewa shi ne, kamfanin TikTok ba ya ganin fuskar mai buɗe shafi lokacin da yake buɗewa. Ranar haihuwar da aka rubuta masa ita ce yake aiki da ita, kuma a kanta ya ɗora kusan dukan kariyar da ya tanadar wa yara. Wanda bai kai shekara 13 ba, ba a yarda ya buɗe shafi ba sam. Daga 13 zuwa 15 akwai ƙofofin da suke a rufe tun daga ranar farko. Tun cikin shekarar 2020 aka hana masu waɗannan shekaru aikawa ko karɓar saƙon sirri, sa'an nan a watan Janairu na 2021 aka mai da shafinsu ya zama rufaffe daga farko, wanda ba mai ganin bidiyon da ke ciki sai wanda mai shafin ya amince da shi. Ba a sauke bidiyonsu a wayar wani, ba a haɗa shi da na wani a yi abin da ake kira Duet ko Stitch, kuma ba a watsa shi a babban dandalin nan na For You inda baƙi suke cin karo da mutum. Masu shekara 16 da 17 an ɗan sassauta musu, amma su ma ba su da ikon yin shirin kai tsaye na LIVE, wanda tun ƙarshen 2022 aka keɓe shi ga 'yan shekara 18 zuwa sama.

To, yarinyar da aka rubuta an haife ta a 1999 ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. A wurin kamfanin ita babbar mace ce. Shafinta a buɗe yake ga duniya, kuma a cikin kwana tara da ta yi da wayar, mabiya goma sha ɗaya sun riga sun taru, biyu kaɗai ta sani a cikinsu. Hanya mafi sauƙi da uba zai gane ko haka ta faru a gidansa ita ce ya buɗe akwatin Inbox. Idan yaron bai kai shekara 16 ba amma ga shi yana musayar saƙonni da mutane a ciki, to lalle shekarun da aka ba kamfanin ba na gaskiya ba ne.

Ba a gyara ranar haihuwa da hannu a cikin manhajar kamar yadda ake sake suna ko hoto, sai an rubuta wa kamfanin an jira amsa. Da yake shafin sabo ne, ba abin da za a yi asara, muka zaɓi mu goge shi mu sake sabon lale. Yarinyar ta ɓata rai saboda mabiyanta goma sha ɗaya. Uban ya ce, "Uwata, waɗannan mutane kin san gidan ubansu?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "A'a, Baba." Daga nan ba ta sake cewa kome ba.

SABON SHAFI

Muka fara da lambar waya. Layin da ke cikin wayarta da sunan uban aka yi rajistarsa, amma a hannunta yake, watau duk lambar tabbatarwa da kamfanin zai aiko ita za ta gani. Saboda haka muka buɗe shafin da adireshin imel wanda uban yake da kalmar sirrinsa. Amfanin wannan zai bayyana ne ranar da aka sace wayar, ko wani ya yi wa shafin kutse, domin ta wannan adireshi ake bi a dawo da shi. Bayan haka muka shiga sashen tsaro muka kunna 2-step verification, yadda kalmar sirri ita kaɗai ba za ta ishi baƙo ya shiga ba. Ranar haihuwa kuwa muka rubuta ta gaskiya. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ita ma ta ɗora wa iyaye ne alhakin ba da izini kafin a yi aiki da bayanan yaro, saboda haka zaman uba a wurin buɗe shafi haƙƙinsa ne, ba shisshigi ba.

Wurin da muka fi daɗewa shi ne zaɓen suna da hoto, kuma a nan ne nake ganin iyaye suka fi sakaci. Ko da shafi rufaffe ne, duk wanda ya neme shi zai ga sunan da aka sa da hoton da ke goshinsa. Yarinyar ta so ta rubuta cikakken sunanta, ta haɗa da shekarar haihuwarta a ƙarshe kamar yadda sa'o'inta suke yi, ta kuma sa hoton da ta ɗauka da rigar makaranta. Duk wanda ya ga waɗannan abubuwa uku ya san sunanta, ya san shekarunta, ya san ƙofar da take fitowa kowace rana da azahar. Muka yarje a kan wani laƙabi da kakarta take kiranta da shi, wanda 'yan gida da ƙawaye kaɗai za su gane, hoto kuma ta zaɓi na wani fure. Wurin da ake rubuta ɗan bayani game da kai muka bar shi fayau.

Da aka gama, manhajar ta nemi izinin duba lambobin da ke cikin wayar domin wai ta nemo mata abokai. Muka ƙi. Dalili kuwa shi ne, lambobin da ke wayar yarinya ba na ƙawayenta kaɗai ba ne, akwai na mai gyaran waya, da na ɗan acaɓan da ke kai ta makaranta, da na wasu da ita kanta ba ta tuna inda ta same su ba. A ƙarƙashin Privacy muka tabbatar cewa Private account a kunne yake, Suggest your account to others kuma a kashe. Ƙawayenta shida ta nemo su da kanta ta hanyar sunayensu, kuma uban yana kallo.

HAƊA WAYAR UBA DA TA 'YA

Duk abin da muka yi zuwa nan, yarinyar tana iya warware yawancinsa cikin minti ɗaya bayan mun tashi, domin maɓallan a wayarta suke. Abin da yake sa wa ƙofar kwaɗo shi ne tsarin da ake kira Family Pairing, wanda kamfanin ya fito da shi a shekarar 2020. Sharaɗinsa shi ne sai uba ko uwa su ma suna da shafinsu na TikTok. Yayana ya yi tsaki da ya ji haka, ya ce shi da girmansa ba zai shiga dandalin rawa ba. Na nuna masa ba a ce sai ya sa bidiyo ko ya kalli na wani ba, shafin nasa mabuɗi ne kurum.

Yadda ake yi ba wuya. A wayar uba za a danna Profile, sai layuka ukun nan da ke sama, sai Settings and privacy, sai Family Pairing. Za a tambaya ko wane ne ke riƙe da wannan waya, sai a zaɓi Parent, nan take wani tambari mai ɗigo-ɗigo zai bayyana, irin wanda ake kira QR. A wayar yaro za a bi wannan hanya daidai, amma a zaɓi Teen, sai a haska tambarin da kyamara, a amince. Daga wannan lokaci sunan yaron zai fito a wayar uban, kuma abin da uban ya kulle daga can, yaron ba ya iya buɗewa daga nan.

Batun lokaci muka fara ɗauka. Tun watan Maris na 2023 duk wanda bai kai shekara 18 ba an yanka masa minti 60 a rana, amma wannan iyaka ba ta da ƙarfi, domin idan lokacin ya cika yaron da kansa ne yake sa lambar sirri ya ci gaba da kallo. Idan kuwa uba ne ya yanka lokacin ta Family Pairing, lambar a wurinsa take, sai an zo an roƙe shi. Har ila yau ana iya bambanta ranaku. Uban ya so ya ba da minti 20 kowace rana, yarinyar ta nemi awa biyu, aka yi ciniki kamar a kasuwa, aka tsaya a kan minti 40 daga Litinin zuwa Jumma'a, minti 90 Asabar da Lahadi. A shekarar 2025 an ƙara wani maɓalli mai suna Time Away, wanda yake rufe manhajar ɗungum a sa'o'in da aka zaɓa. Da shi muka rufe lokacin makarantar boko, da na Islamiyya da yamma, da kuma daga ƙarfe tara na dare har wayewar gari. Ga masu shekara 13 zuwa 15 dama kamfanin yakan tsai da ƙarar sanarwa daga ƙarfe tara na dare, amma hana ƙara daban, rufe ƙofa daban, yaron da ya farka ƙarfe ɗaya ba ya bukatar a kira shi.

Sa'an nan muka koma kan abin da za ta gani. Akwai Restricted Mode, wanda yake rage bidiyon da bai dace da yara ba, muka kunna shi. Akwai kuma wurin da uba zai rubuta kalmomin da ba ya son bidiyon da ke ɗauke da su ya iso wa ɗansa. A nan ya kamata mai karatu ya san iyakar abin. Matatar tana duba rubutun da aka yi a jikin bidiyo ne, kamar bayanin da ke ƙasa da kalmomin da ake sa wa alamar #. Batsar da mutum ya furta da bakinsa cikin Hausa, ko habaici da zambo irin namu waɗanda ba su da kalma ɗaya ta zagi a cikinsu, sukan wuce ta salin alin. Mun rubuta 'yan kalmomi cikin Hausa da Turanci, har da yadda yara suke karkata rubutunsu, amma na gaya wa yayana kada ya ɗauka ya yi shinge, rariya ce ya sa, tana tare tsakuwa tana barin gari.

Saura maganar waɗanda za su iya yi mata magana. Tun da shekarunta 14, saƙon sirri a rufe yake, ba sai mun taɓa ba. Sharhin da ake yi a ƙarƙashin bidiyo muka bar wa abokai kaɗai, watau waɗanda take bi su ma suke bin ta. Wannan shi ne sashen da ya fi kowanne nauyi, ko da yake ya fi su saurin gamawa. A watan Yuli na 2024 kamfanin Meta ya ba da sanarwar rufe shafukan Instagram wajen 63,000 a nan Nijeriya, waɗanda ake amfani da su wajen yaudarar mutane su aiko da hotunan tsiraicinsu, sa'an nan a yi musu barazanar tona asiri in ba su biya kuɗi ba. Dandalin daban ne, amma hanyar ɗaya ce ko'ina: baƙo ya zo da hoton sa'arka, ya nemi abota, ya yaba, daga nan ya ce a koma WhatsApp inda ba mai gani. Saboda haka ƙa'idar da muka kafa mata ba ta cikin waya ba ce. Ba za ta karɓi mabiyin da ba ta taɓa gani ido da ido ba, kuma ba za ta ba kowa lambarta ba, ko da ya ce shi ƙanen ƙawarta ne.

ABIN DA UBA BA ZAI GANI BA

Yarinyar ta yi wata tambaya da ta cancanci amsa ta gaskiya: shin yanzu Baba yana ganin duk abin da take kallo? Amsa ita ce a'a. Uba yana ganin tsawon lokacin da aka yi a manhajar, da sau nawa aka buɗe ta, da rabon dare da rana. Tun 2025 yana kuma ganin waɗanda yaron yake bi, da masu bin sa, da waɗanda ya toshe. Amma ba ya ganin jerin bidiyon da aka kalla, kuma idan yaron ya kai shekarun saƙon sirri, uban ba ya karanta abin da aka rubuta. Na ga fuskarta ta saki da ta ji haka, na ga ta uban ta ɗan ɗaure. A ganina wannan rabo daidai ne. Yaron da ya san ana karanta duk abin da ya rubuta ba ya daina rubutu, wani wuri yake komawa. Bugu da ƙari, yaro yana da ikon raba wayarsa da ta uban, sai dai sanarwa za ta je wa uban cewa an yi haka. Gara a faɗa masa wannan tun farko, da a bar shi ya gano da kansa ya ɗauka ya yi dabara.

Haka nan rufaffen shafi ba ya hana wanda aka riga aka amince da shi ɗaukar hoton allon wayarsa, ko naɗar bidiyon, ya tura wa wasu. Yawancin bidiyon 'yan mata da suke yawo a unguwa har su jawo wa gida magana, ba baƙo ne yake fitar da su ba, ƙawa ce bayan an yi faɗa. Ba wani maɓalli da ke maganin wannan. Abin da uwar yarinyar ta faɗa daga bakin ƙofar kicin shi muka ɗauka: kada ta sa abin da ba za ta so kakarta ta gani ba.

BAYAN MAKO UKU

Yayana ya kira ni yana murna, wai lissafin da wayarsa take nunawa bai wuce minti 15 a rana ba, yarinya ta shiryu. Ni kuwa wannan labari bai kwanta mini ba. Yarinyar da ta yi ciniki a kan awa biyu ba za ta bar minti 25 daga cikin 40 ɗinta su tafi a banza ba. Na tambaye shi ko datar gidan tana daɗewa fiye da da. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce ai ta matarsa ma yanzu ba ta kai ƙarshen mako.

Ashe wayar uwar ce ta zama ƙofar baya. Akwai TikTok a cikinta da shafin babba, ba iyakar lokaci, ba matata, saƙon sirri a buɗe, kuma kullum tana ajiye a kan firji ba kulle. Family Pairing shafi yake tsarewa, ba yaro ba. Duk inda yaron ya shiga da wani shafin, ko ya kalla ta Chrome ba ta manhajar ba, ko ya sauke TikTok Lite ya buɗe sabo da shekarun ƙarya, lissafin uban ba zai nuna kome ba. Alamar da ake gane haka ita ce saɓani tsakanin abubuwa biyu: lissafi yana raguwa, amma data da batir suna ƙarewa kamar da, ko fiye. A wayoyin Android, irin su Tecno da Infinix da itel da suka cika hannun jama'a, akwai wurin da ke nuna yawan datar da kowace manhaja ta ci a cikin Settings, can ne gaskiya take fitowa.

Abu biyu aka yi. Uwar ta sa wa wayarta kulle. A wayar yarinyar kuma muka ƙara Family Link na kamfanin Google, wanda shi wayar ce gaba ɗaya yake kula da ita, yana ba uba damar ya hana sauke sabuwar manhaja sai da izininsa, ya kuma toshe adireshin da ya ga dama a Chrome. Uban ya so ya ƙwace wayar na wata guda. Na roƙe shi ya bari, na ce, "Yaya, in ka ƙwace wannan, ta ƙawarta za ta koma, can kuwa ba ka da mabuɗi." Da aka tambaye ta dalili cikin natsuwa, sai ta ce minti 40 ɗin tana adana su ne don kallon abin da ƙawayenta suka sa, wayar Mama kuma a can take kallon masu koyar da ɗinki da lalle, waɗanda bidiyonsu yake da tsawo. Aka duba aka ga gaskiya ta faɗa. Aka mai da ranakun makaranta minti 60, da sharaɗin cewa a shafinta za ta yi kallon.

Akwai rana guda da na sa yayana ya rubuta a bayan littafin cinikinsa, watau ranar da za ta cika shekara 16. A ranar ce ƙa'idodin kamfanin za su sauya mata: za ta sami damar kunna saƙon sirri, da yarda a sauke bidiyonta, kuma in ta buɗe shafin, bidiyonta yana iya fita For You. Haɗin Family Pairing zai ci gaba da aiki, kuma a cikinsa uba yana da zaɓi ya bar saƙon sirri a kashe ko ya taƙaita shi ga abokai, amma sai ya shiga ya duba da kansa. Mun yi alkawari za mu sake zama mu uku mako guda kafin ranar, kowa da wayarsa a hannu.